Na ce mata “in sha Allah”, sai na tarar da buhun takardu a ƙarƙashin teburina

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar Lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata a Kano, shekarata 5 da fara aiki. Akwai wata Hajiya a makarantarmu, malamar Kimiyya, ta girme ni da kusan shekara 20. Ita ta riƙe ni tun ranar da aka kawo ni, kuma da na haihu ita ta riƙa shiga mini aji ɗaya har wata uku. Yanzu mun gama jarrabawar zango na uku, an ce kowa ya miƙa maki ranar Juma'a ta sama, ita kuma ƙarshen makon nan take aurar da 'yarta. Jiya Talata ta ce in taimaka in duba mata takardun azuzuwanta uku, guda 210, da canki-canka da tiyori, in kuma shigar da maki. Kunya ta hana ni musu, na ce “to, in sha Allah, za mu gani.” Yau na tarar da buhun takardun a ƙarƙashin teburina. Nawa 260 ne, 80 kawai na duba, ga yarona ɗan shekara ɗaya da rabi. Zangon da ya wuce ma na karɓar mata aji ɗaya, nawa ya yi latti, mataimakin shugaba ya yi mini faɗa a gaban mutane. Ba na son ta ce na yi mata butulci. Yaya zan yi?

Malama H., Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ajiye sauran wasiƙu na ɗauki taki a daren nan, saboda matsalarki tana da agogo. Duk kwanan da buhun nan ya ƙara a ƙarƙashin teburinki, Hajiya tana can tana hidimarta da tabbacin an sauke mata nauyi. Idan kika yi shiru har Laraba mai zuwa sannan kika ce ya fi ƙarfinki, a lokacin ne za ki cuce ta da gaske, don ba sauran wanda za ta nema. Idan kuwa gobe Alhamis ta ji gaskiya, tana da kwana takwas na neman mafita. Saboda haka maganar nan ta gobe ce.

Kada ki zargi kanki da yawa a kan amsar da kika ba ta. Haka aka raine mu: babba ba ya roƙon ƙarami abu a ce masa a'a ido da ido, sai a lulluɓe da “to”, a lulluɓe da “za mu gani”, a bar shi ya gane da kansa. Matsalar ita ce mai neman taimako cikin matsuwa abin da yake so ya ji shi yake ji. Ke kin faɗi “za mu gani” da nufin ki samu hanyar zillewa, ita kuma “to” ɗin ta kama. Kuma in sha Allah, kamar yadda aka koya mana a Suratul Kahfi, kalma ce da mutum ke faɗa a kan abin da ya ƙudura zai yi gobe, yana mai da ikon ga Allah. Idan muka mayar da ita mayafin ƙi, ranar da muka faɗe ta da gaske ma ba wanda zai sake jiki da ita. Hajiya ba ta yi laifi ba da ta ɗauke ta a matsayin alkawari, ke kuma ba ki yi alkawari a ranki ba. Wannan tazarar ce za ki je ki rufe.

Kafin ki je, zauna da takarda da biro. Ke malamar Lissafi ce, kuma lissafi ne zai cire miki nauyin bakin nan, don mutum ya fi iya cewa ba zai iya ba idan shi kansa ya ga dalilin a rubuce. Ɗauki takardu goma daga cikin naki, ki duba agogo, ki duba su yadda kika saba, ki raba lokacin gida goma. Ni da na yi shekaru da jan biro a hannu, takardar Lissafi da ake bin matakan aikin yarinya ana ba ta makin hanya ko da amsar ƙarshe ta kuskure, ba ta kasa minti 7 a hannuna. Mu ɗauka ke ma haka ne. Saura 180 gare ki, awa 21 ke nan. Haɗa makin tes da na jarrabawa da shigar da su na yara 260, a ce minti ɗaya kowace yarinya, ya haura awa 4. Aikin da ke wuyanki ke kaɗai ya kai awa 25.

To, awa nawa gare ki? Daga gobe zuwa Alhamis ta sama kwana shida ne na aiki. Idan kin samu awa biyu tsantsa kowace rana a makaranta, bayan taron malamai da masu leƙowa da ɗalibai masu neman abu kaza, kin samu 12. Dare takwas, awa ɗaya da rabi bayan yaro ya yi barci, wasu 12. Asabar za ki je yinin biki, don ba yadda za a yi Hajiya ta aurar da 'ya ba a gan ki ba, saboda haka a ce awa biyu da safe, Lahadi kuma huɗu. Duka 30. Cire 25, saura 5. Wannan biyar ɗin ita ce duk abin da kika mallaka da za ki iya kyautarwa, ita ma sai idan an bar wuta, yaro bai yi zazzaɓi ba, baƙi ba su sauka ba.

Nata kuma fa? Canki-canka, idan akwai takardar amsa a gefe, minti ɗaya da rabi ya isa kowace takarda, wato awa 5 da kwata ga 210. Tiyori a ce minti 5, awa 17 da rabi. Shigar da maki awa 3 da rabi. Ya tashi awa 26 da ɗoriya. Kin ga an roƙe ki 26, kina da 5. Ko da za ki sauya alƙalumana da naki, saurinki ya fi nawa, ratar ba za ta rufu ba. Ba rowa ba ce, ba ƙyuya ba ce, taura biyu ce ba ta taunuwa.

Akwai kuma abin da ya fi lokaci nauyi a wurina, shi ne tiyorin kansa. Ba ke kika koyar da yaran nan Kimiyya ba. Ba ki san abin da aka kai da abin da ba a kai ba a manhaja, ba ki san yadda Hajiya ta faɗa musu ma'anar abu a aji ba. Yarinya za ta zana hoton zuciya ta sa sunaye huɗu daidai, biyu ta kuskure harafi. Hajiya ta san ko tana yafe harafi ko ba ta yafewa, ke sai dai ki yi kirdado. Wata za ta kawo misalin da ba ya cikin jagorar ba da maki amma daidai ne, mai darasin ce kaɗai za ta gane. Wannan kuwa zango na uku ne, wanda a kansa ake yanke wa za ta wuce, wa za ta maimaita aji. Maki uku da kika rage bisa rashin sani, cikin gyangyaɗi da ƙarfe ɗayan dare, suna iya zama shekara guda a rayuwar 'yar wani. Ranar da uwa ta zo da katin sakamako tana neman a nuna mata takardar 'yarta, sunan Hajiya ne a kan darasin, rubutunki ne a kan takardar, ku biyu za ku tsaya gaban shugaba kuna kame-kame.

Na san wannan ne don ya taɓa faruwa da ni. A wata makaranta da na yi aiki ina da ƙuruciya, na karɓi takardun wata abokiyar aikina da mijinta ke kwance a asibiti, darasin da ba nawa ba. Na duba rabi da kyau, da lokaci ya ƙure sai na riƙa leƙa shafin farko da na ƙarshe ina sa maki da ido. Wata yarinya mai ƙoƙari ta faɗi. Da aka zaro takardarta, akwai shafi biyu a tsakiya da jan biro bai taɓa su ba. An gyara mata, amma har yau ina tuna yadda ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin malamai riƙe da katin, idonta ya yi ja, ba ta ce komai ba. Abokiyar tawa da na so in rufa wa asiri ita aka kira ofis, kuma ba ta taɓa faɗar cewa ni ce ba. Da na ce mata tun farko rabi zan iya, da ta nemi wani ya ɗauki rabin.

Yanzu ga abin da za ki iya bayarwa, kuma ki bayar da shi da zuciya ɗaya: canki-canka na azuzuwa biyu. Takarda 140, awa 3 da rabi. Wannan ɓangaren ba ya buƙatar sanin Kimiyya, A ce ko B, kowa ya duba maki ɗaya zai fito. Na ce biyu, ban ce uku ba, don ukun zai cinye biyar ɗinki har ya ɗan haura, kuma wanda ya yi alkawarin duk abin da ke hannunsa, ƙaramar tangarɗa ce za ta mayar da shi maƙaryaci. Ki bar wa kanki awa ɗaya da rabi ta ko-ta-kwana. Idan Allah Ya sa komai ya tafi daidai kika ga sarari ranar Lahadi, ki ƙara na ukun ba tare da kin faɗa ba tun farko. Ƙari a kan alkawari daɗi ne da shi, ragi kuwa ko kaɗan ne yana barin tabo.

Idan takardar amsar mai layi-layi ce da ake cike gurbi, ki ɗauki guda ɗaya da ba a rubuta komai a kai ba, ki huda gurbin kowace amsa ta daidai, ki riƙa ɗora ta a kan ta yarinya kina ƙirga inda baƙi ya leƙo ta hudar. Sai dai kafin ki ɗora, ki ɗan kalli takardar ki ga ko akwai inda aka cike gurbi biyu a tambaya ɗaya, don huda ba ta nuna wannan. Ki rubuta makin a kusurwar sama da biro mai launi dabam da nata, kore misali, yadda kowa zai san wane hannu ne ya yi wane aiki. Jimla da shigarwa cikin takardar maki ki bar mata. Wanda zai sa hannu shi ya kamata ya rubuta adadin ƙarshe. Kuma ki nemi takardar amsa da rubutun hannunta, kada ki zauna ki ƙirƙiro amsoshin da kanki.

Sai yadda za a faɗa. Zuwa da kai ya fi saƙo. Kada ki tura mata ta waya, don rubutu ba shi da murya, a cikin hayaniyar biki za ta karanta layin farko kawai ta ajiye da ɓacin rai. Kada kuma ki yi a ɗakin malamai inda ake kasa kunne. Babba yana iya haɗiye a'a idan daga shi sai ke, amma a gaban ƙannensa sai ya ji dole ya kare girmansa. Idan ta shigo makaranta gobe, ki ce “Hajiya, don Allah ina son ganinki minti biyar,” ku koma wani aji da ba kowa. Idan ba ta shigo ba, ki kira ki ce kina nan tafe bayan an tashi, ki je gidan da gudunmawarki a hannu, ki gaisa da mutane, ki yi Allah Ya sanya alheri, sannan ki ja ta gefe.

Abin da za ki ce, kusan haka: “Hajiya, shekaranjiya na amsa miki ban yi lissafi ba, laifina ne. Na zauna na duba, ba zan iya duba takardun nan duka ba. Nawa saura 180, kuma tiyorin Kimiyya ina tsoron in zalunci yaran. Abin da zan iya, kuma zan yi da yardar Allah, shi ne canki-canka na aji biyu, in kawo miki su Litinin da safe. Na ce gara in faɗa miki yau tun da sauran lokaci.” Daga nan ki yi shiru.

Ki lura da yadda na jera maganar. Ƙin ya zo da wuri, da kalmar da ba ta da fuska biyu: ba zan iya ba. Kada ki ce “zai yi wuya”, kada ki ce “zan dai gwada”, don waɗannan ƙannen “za mu gani” ne, buhun zai sake dawowa. Dalili biyu sun isa, kuma na gaskiya. Mu mata idan kunya ta kama mu sai mu yi ta jero uzuri, yaro ba lafiya, maigida ya hana, wuta babu, kuma kowane uzuri ƙofa ce da mai roƙo zai ce bari ya rufe miki: “Ai sai ki kawo yaron gidana, 'yan mata sun cika gida.” Kada ki jingina da maigidanki idan bai ce komai ba, kada ki ɗora wa yaronki ciwon da ba shi da shi. Sannan tayin naki yana da kai da ƙafa: wane ɓangare, aji nawa, wace rana. “Zan taimaka da abin da ya sawwaƙa” ba tayi ba ne, ita za ta auna sawwaƙawar da mudunta, ke da naki.

Shirun nan da na ce ki yi shi ne mafi wuya. Za ta ɗan yi jim, fuskarta ta sauya, ke kuma zuciyarki ta ce yi maza ki cike gurbin, sai ki ji bakinki ya ce “to bari dai in ga ko zan iya ƙara ɗaya.” Ki riƙe bakinki. Ki bar ta ta haɗiye, tana da haƙƙin ta ji ba daɗi na ɗan lokaci.

Tana iya cewa, “Haba, ke da kike da ƙuruciya, kwana biyu ai kin gama.” Kada ki shiga gardamar ƙarfi. Ki ce, “Wallahi Hajiya na ƙirga awannin, ba su kai ba. Aji biyun nan dai suna wuyana.” Idan ta sake, ki sake, da murya ɗaya, ba ƙarin bayani. Tana iya cewa ki bai wa manyan ɗalibai su taya ki. Wannan ki ƙi shi ƙiri-ƙiri cikin ladabi, don takardar jarrabawa amana ce, ɗaliba ba ta duba ta ɗaliba, kuma idan ta fasu ku biyu abin zai shafa.

Mai zafin ita ce idan ta ce, “Lokacin da kika haihu wa ya riƙe miki aji?” Mai yiwuwa ba za ta faɗa ba, amma ke kin riga kin faɗa wa kanki, shi ne ma ya hana ki barci. Ina so ki ji ni da kyau a nan: bashin nan gaskiya ne. Wata uku tana shiga ajin da ba nata ba, ba a ƙara mata ko kwabo ba, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan ce miki ki manta da shi don ki samu sauƙin cewa a'a ba. Idan ta ambata, kada ki kare kanki, ki amsa shi gaba ɗaya: “Ke ce, Hajiya, kuma har in mutu ba zan manta ba. Shi ya sa ba zan karɓi aikinki in lalata miki shi ba.” Amma ki duba yadda ta yi miki nata alherin. Aji ɗaya ta ɗauka cikin azuzuwanki, ba duka ba. Ta auna abin da za ta iya ta tsaya a kai, ta kuma yi shi har ƙarshe. Abin da za ki yi gobe ke nan, a wurinta kika gani.

Kuma bashin alheri ba a ce sai da irin kuɗin da mai shi ya nema a ranar da ya nema za a biya ba. Zango mai zuwa, makon da diyuti ya faɗo kanta, ki ce ke za ki yi sammakon tsayuwa a bakin ƙofa da taron safe. Ranar da za ta je ganin ɗakin amarya ko wata hidima ta taso, ki riƙe mata aji. Ranar Asabar ki je da wuri, ki ɗaura zani ki shiga rabon abinci kamar 'yar gida. Waɗannan ba su taɓa haƙƙin ɗaliba ko ɗaya ba, kuma ita za ta gani. Sai dai kada ki jero mata su gobe kamar mai cinikin fansar kai. Ki bari lokacinsu ya zo ki yi.

Ita ma ki yi mata adalci a ranki. Uwar amarya a makon biki ba ta cikin hayyacinta: ga jere, ga kayan gara, ga dangi daga ƙauye da za a saukar, ga mai ɗinki bai gama ba, ga kuɗi sun ƙare. Ban yi zaton ta zauna ta ƙirga awa 26 ta ce bari ta ɗora miki ba. Ta dai waiga ta ga wadda ba ta taɓa ce mata a'a ba. Zangon da ya wuce kin karɓa, kika sha faɗa, kuma ina kyautata zaton ba ki taɓa gaya mata cewa saboda takardunta ne naki ya yi latti ba. In haka ne, a saninta abin bai taɓa yi miki nauyi ba. Gobe ba ranar tono wannan ba ce. Amma bayan biki, idan ƙura ta lafa, ki faɗa mata cikin hira, don ta san farashin abin da take roƙo.

Gaskiya kuma ita ce awa uku da rabi ɗinki ba za su fitar da ita ba. Ko kin cire mata su, tana da sauran fiye da awa 22 tsakanin Litinin da Alhamis, ga gajiyar biki. Don haka kada ki tsaya a kan naki tayin, ki taya ta ganin sauran ƙofofi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta kira shugaban sashen Kimiyya tun gobe ta gaya masa halin da take ciki. Raba irin wannan aiki a tsakanin malaman sashe aikinsa ne, kuma su suka san darasin. Idan akwai mai hidimar ƙasa da ya karanci fannin kimiyya a makarantar, da izinin shugaban sashe da jagorar ba da maki a hannunsa, zai iya ɗaukar aji na ukun gaba ɗaya, ita ta bi bayansa ta duba goma ko sha biyar ta ga ko hannunsu ya zo ɗaya. Idan aka yi haka, abin da ya rage mata tiyorin aji biyu ne da shigar da maki, wajen awa 15, kusan awa huɗu a rana. Wannan mai yiwuwa ne. Sannan ta je wurin mataimakin shugaba mai kula da karatu ta nemi a ɗaga mata zuwa Litinin ta gaba. Wanda ya nemi uzuri kwana takwas kafin wa'adi, da dalilin da kowa ya sani har an ba shi katin gayyata, ba a kallonsa kamar wanda ya zo ranar Juma'a hannu rabbana. Ko ba a ba ta duka ba, masu haɗa sakamakon aji za su san da zaman nata.

Amma ita za ta je, ba ke ba. Kada ki riga ta zuwa ofis da labarin, ko da niyyar taimako, don zai koma mata a matsayin kin kai ƙararta, kuma wannan ya fi ƙin duba takarda ciwo nesa ba kusa ba. Idan ta ce ki raka ta, ki raka ta.

Buhun kuma kada ki kai mata shi gidan biki. Gidan da ke cike da yara da baƙi da ruwan wanke-wanke ba wurin takardar jarrabawa ba ne. Gobe da safe ki buɗe shi a makaranta, ki ƙirga takardun kowane aji, ki rubuta adadin a bayan ƙunshin. Idan an ce aji 70 ne kika samu 68, ki faɗa mata tun kafin ki taɓa su, don kada a wayi gari a ce a hannunki biyu suka ɓata. Aji biyun da za ki duba ki riƙe, na ukun ki ce mata za ki sa a kabad ɗin sashe ko ofishin jarrabawa, inda duk wanda aka ba zai same shi. Muddin yana ƙarƙashin teburinki, a idon kowa naki ne.

Akwai ayoyi biyu a Suratul Isra'i, ta 28 da ta 29, da nake yawan komawa gare su a irin wannan. Ta farko tana cewa idan ba ka da abin da za ka bai wa mai haƙƙi a kanka har ka kau da kai kana jiran rahamar Ubangijinka, to ka faɗa masa magana mai sauƙi. Ta biyu ta hana ƙuƙunce hannu a wuya, ta kuma hana shimfiɗa shi gaba ɗaya har mutum ya koma abin zargi, ya rasa ta yi. A kan dukiya aka yi maganar, amma ni ina ganin lokacin ma'aikaciya mai goyo ma dukiya ne, kuma zangon da ya wuce kin ɗanɗana ƙarshen aya ta biyun a gaban mutane.

Zai yiwu duk da haka ta yi fushi. Ta amsa gaisuwarki a daƙile ranar Litinin, ta yi mako biyu ba ta neme ki ba, wata ma ta kawo miki gulmar cewa an ce kin yi kaza. Kada ki bi gulmar, kada ki zauna a ɗakin malamai kina bayyana wa kowa lissafinki don a ce ke ce mai gaskiya. Maganar tsakaninku ce. Ki ci gaba da gaishe ta yadda kika saba, har da ɗan rusunawar. Kuma duk abin da zai faru, Litinin da safe kafin taron ɗalibai, takardu 140 su kasance a kan teburinta, an ɗaure kowane aji dabam, da koren maki a kusurwa, da 'yar takarda a sama mai adadinsu. Idan Lahadi ta zo kika ga ba za ki gama ba, naki za ki jinkirta da awa biyu ki rama a daren Litinin, nata dai kada ya wuce ranar da kika faɗa.

Allah Ya sanya alheri a auren, Ya ba ki sauƙin baki gobe. Ki rubuto mini bayan an miƙa maki in ji yadda kuka ƙare da Hajiya.